Daga situdiyo zuwa aljihu: yadda kuɗin waƙa ke bin takarda a Damagaram

Mai otal ko mai gidan rawa da ya biya kuɗin haƙƙin waƙa, ba wani mawaƙi guda ya biya ba. Abin da ya saya shi ne izinin kunna duk waƙar da ya ga dama a wurinsa har tsawon wani lokaci, wata ɗaya ko shekara ɗaya. Kuɗin yakan shiga asusu guda tare da na sauran masu biya, kuma a ranar da ya shiga babu sunan kowa a kansa. Daga baya ne ake zama a raba. A wurin rabon nan ne mawaƙan Damagaram da yawa suke faɗuwa, domin waƙarsu tana tashi a Birni da Zango da Sabon Gari, ana jin ta a shagon aski da cikin motar haya, amma idan aka zo rabo ba a ga sunansu a ko'ina ba. Rabon yana tsaye ne kan takardu biyu. Ɗaya tana faɗin masu waƙar da kason kowannensu, ɗaya tana faɗin inda aka kunna ta da tsawon lokacin da ta ɗauka. Sai waɗannan biyun sun dace da juna kuɗi yake fita.

A Nijar hukumar da doka ta ɗora wa wannan aiki na karɓar kuɗin da raba shi ita ce BNDA, wadda aka kafa a shekarar 1995, hedikwatarta tana Yamai. Dokar da ake aiki da ita kan haƙƙin mawallafi ita ce mai lamba 2010-95 ta ranar 23 ga Disamba 2010, wadda ta maye gurbin ta 1993. Nijar kuma tana cikin yarjejeniyar Berne ta ƙasashen duniya kan haƙƙin mawallafi tun 1962, kuma daga can ne wata ƙa'ida ta fito wadda ya kamata a fara fahimta: waƙa ta zama taka ne tun ranar da ka ƙirƙire ta, ba sai an yi mata rajista ba. To me ya sa ake wahalar zuwa hukuma? Saboda mutum ɗaya ba zai iya bin kowane gidan rediyo da kowane zauren biki yana karɓar dala biyar dala goma ba. Haka su ma masu kunnawa ba za su iya neman kowane mawaƙi su roƙi izininsa ba. Hukumar tana tsakiya, tana karɓa da sunan kowa. Rajista ita ce hanyar da za ta san kai wane ne, da abin da ka mallaka.

Matakin farko shi ne shiga hukumar a matsayin mamba, kuma wannan dabam yake da rajistar waƙa. Ana neman shaidar ko kai wane ne, wato katin ɗan ƙasa da hotuna, da shaidar cewa lalle kana da aikin da aka ɗauka ko aka yi a gaban jama'a, sai kuɗin shiga. Abin da mutane ba sa tsayawa su karanta shi ne takardar da suke sa wa hannu. A cikinta kana miƙa wa hukumar ikon ba da izinin kunna waƙoƙinka a bainar jama'a, waɗanda ka riga ka yi da waɗanda za ka yi nan gaba. Ma'anar haka, bayan ka sa hannu ba ka da hurumin ka ce wa abokinka mai gidan rawa ya kunna waƙoƙinka kyauta ka yafe masa. Hukumar za ta iya neman kuɗinta a wurinsa, kuma tana da gaskiya. Wasu suna jin wannan kamar an ɗaure musu hannu. Ni a ganina kariya ce, domin a garin da kowa ɗan'uwan kowa ne, mawaƙin da aka bar wa ikon yafewa zai yi ta yafewa har ya tashi babu komai.

A lokacin shigar ne kuma ake rubuta sunanka na gaskiya da duk wani laƙabi da ake kiranka da shi a fage. Hukumomin irin wannan a duniya suna haɗuwa a ƙarƙashin wata ƙungiya da ake kira CISAC, wadda aka kafa a Paris a 1926, kuma suna da rumbun sunaye guda inda kowane mawallafi yake da lambar da ake kira IPI. Laƙabin da ba ka bayyana ba, ba a ɗaure shi da lambarka ba. Idan gidan rediyo ya rubuta shi a jerin waƙoƙinsa, ma'aikacin rabo zai duba ya ga baƙon suna.

Bayan shiga sai bayyana waƙoƙi, kowace waƙa da takardarta. A nan ne ya kamata mutum ya natsu. Takardar tana neman sunan waƙa, da tsawonta a minti da daƙiƙa, da harshenta, da sunan wanda ya rubuta baitoci, da wanda ya ƙirƙiri karin da ake rerawa da shi, da wanda ya tsara kiɗan idan akwai, da kason kowa cikin ɗari. Akan haɗa da rubutattun baitocin da kuma sautin waƙar. Kowane mai kaso sai ya sa hannu.

Bari mu ɗauki misali irin wanda ake gani kullum. Wani malamin makaranta a unguwar Birni ya rubuta baitoci. Wani saurayi mai murya ya ɗora musu kari ya rera. Sun shiga situdiyo, mai situdiyo ya zauna gaban fiyano ya gina kiɗan, ya sa ganga da sarewa da duk abin da ya sa waƙar ta yi daɗin rawa. Wata yarinya ta yi amshi. Wani ɗan kasuwa a Kasuwar Dole ne ya biya kuɗin ɗauka. Mutum biyar ke nan, kuma idan ka tambaye su duk za su ce suna da hannu a waƙar. Gaskiya ne suna da hannu, amma ba duka ne ke shiga wannan takardar ba. Haƙƙin mawallafi na waɗanda suka ƙirƙira ne: malamin da ya yi baitoci, da saurayin saboda karin da ya ƙirƙira, da mai situdiyo idan tsarin kiɗansa ya kai a ce ya ƙara wani abu nasa. Yarinya mai amshi da ɗan kasuwar da ya biya kuɗi, da shi kansa saurayin a matsayinsa na mai murya, nasu wani haƙƙi ne na dabam da doka ta tanada domin masu rerawa da masu ɗaukar nauyin ɗauka. Nasu yana bin sautin da aka ɗauka ne, shi kuwa haƙƙin mawallafi yana bin waƙar kanta ko da wani ne ya sake rera ta bayan shekara ashirin.

Kason kowa fa? Kowace hukuma tana da ƙa'idar rabonta a rubuce, kuma mamba yana da damar ya nemi a nuna masa. A Faransa, hukumar SACEM da ta fara wannan aiki tun 1851 tana raba kuɗin kunnawa gida uku daidai: ɗaya na mai baitoci, ɗaya na mai kari, ɗaya na kamfanin da ya ɗauki nauyin yaɗa waƙar. Idan babu kamfani, sai su biyun su raba. A misalinmu babu kamfani, don haka mu ƙaddara an tsaya a kan 45 na malam, 45 na saurayi, 10 na mai situdiyo.

Abin da ya fi yawan faruwa kuwa shi ne saurayin ya tafi shi kaɗai ya rubuta sunansa a kowane gurbi, ya ba kansa ɗari bisa ɗari. Ba lalle da mugun nufi ba. A al'adarmu wanda aka ji muryarsa shi ake ce wa mai waƙa, shi ma malamin a lokacin cewa zai yi ai don zumunci ya rubuta. Sai ranar da waƙar ta karɓu, kuɗi ya fara fitowa, malamin ya kai ƙorafi da tsohon littafinsa a hannu. Idan mutum biyu suka yi da'awar kaso guda, abin da hukumomin nan suka saba yi shi ne su riƙe kuɗin waƙar gaba ɗaya har sai masu rigimar sun daidaita ko kotu ta raba gardama. Hukumar ba alƙali ba ce. Tana rubuta abin da aka faɗa mata ne, kuma ranar da ta karɓi takardarka shaida ce mai ƙarfi, amma ba ta hana wani ya zo da shaidar da ta fi ta. Saboda haka lokacin da ya fi dacewa a yi maganar kaso shi ne ranar da aka fito daga situdiyo, tun waƙar ba ta kawo ko dala ba, kowa yana dariya.

Akwai kuma batun tsohon kari. Damagaram gari ne na kiɗan fada da waƙoƙin daka da na ƴan mata a dandali, kuma matasa da yawa daga can suke ɗebo kari su sa masa sababbin baitoci. Dokar 2010 ta ambaci kayan al'adun gargajiya a cikin sunanta ma, kuma ba ta ɗauke su a matsayin abin da wanda ya riga zuwa zai mallake ba. Wanda ya ɗauko irin wannan kari, ya rubuta gaskiya: kari na gargajiya ne, baitoci da tsari nasa ne. Kasonsa zai ragu, amma babu mai tayar masa da magana gobe. Idan kuwa karin na wani mawaƙi ne sananne da ya rasu, a tuna cewa haƙƙinsa bai mutu tare da shi ba. Mafi ƙarancin wa'adin da yarjejeniyar Berne ta yanka shi ne shekara 50 bayan rasuwar mai waƙa, kuma magadansa ne ke da kasonsa.

To, an gama takarda ta farko. Yanzu ta ina kuɗin yake shigowa? Duk wanda ya kunna waƙa ga jama'a, ba cikin iyalinsa ba, doka ta ce ya nemi izini ya biya: gidajen rediyo da talabijin, otal, mashaya, gidan abinci, zauren taro, mai shirya wasa. Masu wurin da ke kunna kiɗa kullum akan yanka musu kuɗi tsayayye gwargwadon irin wurin da girmansa. Mai shirya wasa na dare ɗaya kuwa akan lissafa nasa ne daga kuɗin ƙofa ko daga abin da ya kashe. Wani abu da ke ɗaure wa masu shirya wasa kai shi ne, sun riga sun biya mawaƙi kuɗin hawa dandamali, me ya sa za a sake neman wani kuɗi? Amsar ita ce wancan ladan aikin daren ne, na murya da gumi. Malamin Birni da ya rubuta baitocin yana gida yana barci, bai ga ko sisi daga ciki ba. Kuɗin hukuma shi ne hanyar da nasa rabon zai iso gare shi.

Mu bi lissafin da alƙaluman misali, waɗanda na zaɓa don su yi sauƙin rabawa. A ce an yi wasa a wani zaure a cikin gari, mai shiryawa ya biya hukuma jika 100. Kafin a raba, hukumar tana cire kuɗin tafiyar da aiki, tana kuma cire wani kaso na asusun taimakon mambobi da raya al'adu. Wannan na biyun, a yarjejeniyoyin da ke tsakanin hukumomin CISAC an saba tsayar da shi a kan abin da bai wuce 10 cikin ɗari ba. Mu ce duka abin da aka cire 30 ne cikin ɗari, saura jika 70. Takardar jerin waƙoƙin daren ta nuna an yi kiɗa na minti 140. Ke nan kowane minti ya tashi a kan sefa 500. Waƙar mutanenmu minti 6 ce, ta samu jika 3. Malam ya ɗauki 1,350, saurayi 1,350, mai situdiyo 300.

Yanzu a kwatanta da rediyo. A ce wani gidan rediyo mai zaman kansa yana biyan jika 600 a shekara. An cire 30 cikin ɗari, saura jika 420. A cikin shekarar ya watsa kiɗa na minti 42,000, wato abin da bai kai awa biyu a rana ba. Minti guda ya tashi a kan sefa 10, dala biyu ke nan. An sa waƙar nan sau 200 a shekarar, minti 1,200, kuɗinta jika 12. Malam da saurayi kowa ya samu 5,400, mai situdiyo 1,200. Wanda ya ji waƙarsa tana tashi kusan kullum yakan zaci miliyoyi suna jiransa a Yamai, idan aka miƙa masa jika biyar sai ya ce an cuce shi. Ba lalle ba ne. Farashin minti ba ya zuwa daga farin jinin waƙa, yana zuwa ne daga abin da gidan rediyon ya biya a raba da yawan kiɗan da ya watsa. Gidan da ke rayuwa da sanarwar aure da ta rasuwa ba zai iya biyan abin da gidan rediyon ƙasa ke biya ba. A wannan misalin minti ɗaya na dandamali ya ninka na rediyo sau 50, abin da ke nuna cewa takardar da ta fi cancanta mawaƙi ya bi da ƙafarsa ita ce ta wasan da shi kansa ya yi.

Duk lissafin nan ya yiwu ne saboda mun ƙaddara akwai takarda ta biyu, wato jerin waƙoƙin da aka kunna. A zahiri nan ne gizo ke saƙa. Mai gabatar da shiri yana da waƙoƙi cike da katin waya, masu saurare suna bugo waya suna zaɓa, babu wanda ke rubuta komai. Mai shagon shayi ko mai mashaya kuwa, babu mai hankalin da zai nemi ya riƙa rubuta abin da ya kunna daga safe zuwa dare. Kuɗin da aka karɓa ba tare da jeri ba, ba a mayar wa mai biya, dole a raba shi ta wata hanya. Hanyar da hukumomi suka saba bi ita ce kwatance: a ɗauki jerin gidajen da suka aiko, ko a saurari wasu kwanaki a matsayin samfuri, a ce abin da ake ji a can shi ake ji a nan. Ga mawaƙin da ke nesa da babban birni da kusan kilomita 900, wannan babbar magana ce. Idan jerin da ke hannu na gidajen Yamai ne, kuɗin da aka tara a Damagaram saboda waƙoƙin ƴan Damagaram zai bi sunayen da ake ji a Yamai. Babu wanda ya saci komai, amma kuɗin ya sauya hanya. Abin ya yi kama da watanda: kowa ya san da kai aka sayi saniyar, amma mai rabo sunayen da ke cikin littafi yake kira.

Maganin da ke hannun mawaƙi ba mai tsada ba ne. Duk wasan da ya yi, ya rubuta jerin waƙoƙinsa da tsawonsu da ranar da wurin, mai shiryawa ya sa hannu, ya riƙe kwafi ɗaya ya tabbatar ɗayan ya isa hukuma. Ya kuma tambayi mai shiryawa ko ya biya, ya ga rasit. Idan ba a biya ba, jerin kaɗai ba ya haifar da kuɗi, amma ya zama shaidar da hukuma za ta bi bashi da ita.

Ko da jerin ya isa, akwai wani ƙaramin tarko da ya shafe mu musamman a Nijar, shi ne rubutun Hausa iri biyu. Mawaƙi ya rubuta sunan waƙarsa da ƙa'idar Hausa, ma'aikacin rediyo da ya yi karatun Faransanci ya rubuta yadda hannunsa ya saba. Kalmar da ɗaya ya fara da c, ɗayan zai fara ta da tch; inda ɗaya ya sa sh, ɗayan zai sa ch; u ta koma ou; ƙ da ɗ su rasa ƙugiyarsu. Wani lokaci ma ba sunan waƙar ake rubutawa ba, amshinta ake rubutawa, domin da shi jama'a suka san ta. Na'urar da ke haɗa takardun biyu sai ta kasa gane cewa waƙa ɗaya ce, kuɗin ya faɗa cikin jerin ayyukan da ba a gano masu su ba. Yakan zauna a can na wani wa'adi, idan babu wanda ya zo nema a raba wa sauran mambobi. Don haka a takardar bayyanawa a rubuta sunan waƙa na ainihi, a ƙara da duk wani suna da duk wani salon rubutu da ake iya kiranta da shi. Fayil ɗin da za a kai gidan rediyo shi ma a sa masa suna daidai da na rajista, ba `track 03` ba. Waƙar da bayananta suka cika tana iya samun lambar duniya da ake kira ISWC, mai farawa da harafin T da alƙaluma goma a bayansa, wadda ba ruwanta da yadda wani ya rubuta suna.

Yadda mutum zai gane inda matsalarsa take kuwa, daga takardar bayanin rabo ne, wadda ya kamata ya nema duk lokacin da aka biya shi, kada ya karɓi kuɗi a dunƙule ya juya. Idan waƙa ba ta fito a cikinta ba sam, ko dai ba a bayyana ta ba, ko sunan bai dace ba, ko wurin da aka kunna ta bai aiko jeri ba. Idan ta fito amma kuɗin ya yi rabin abin da lissafi ya nuna, a duba kason da aka rubuta. Idan an nuna an riƙe kuɗin, akwai mai da'awa. Kuma a yi haƙuri da lokaci: ana tara kuɗi ne na tsawon watanni kafin a yi zaman rabo, saboda haka abin da aka kunna bana sau da yawa sai baɗi ake ganinsa.

Saura maganar ƙetaren iyaka, wadda ɗan Damagaram ba zai iya kauce mata ba, tunda masu jin Hausa a Kano da Daura da Katsina sun fi na gida yawa. BNDA ba ta karɓar kuɗi a Najeriya. Can akwai tasu hukumar, irin MCSN, kamar yadda Burkina Faso ke da BBDA, Faransa ke da SACEM. Kuɗin waje yana zuwa ne kawai idan akwai yarjejeniyar wakilcin juna tsakanin hukumar gida da ta can, kuma ta can ta karɓa, ta kuma gane waƙar ta lambar IPI ko ISWC. Kowace daga cikinsu tana cire nata kuɗin aiki, jiran kuma ya fi na gida tsawo. Wasu sukan ga mafita ita ce su je su sake yin rajistar waƙoƙin nan a can. Miƙa haƙƙi guda a ƙasa guda ga hukumomi biyu yana haifar da da'awa biyu kan waƙa ɗaya, wanda shi ne ainihin abin da ke sa a riƙe kuɗi. Mai son wata hukuma ta wakilce shi a wata ƙasa, sai ya fara duba abin da ya sa wa hannu a gida, ya ga ko duniya gaba ɗaya ya miƙa ko Nijar kaɗai, ya nemi a gyara a rubuce kafin ya sa hannu a wani wuri.